Jinkirin jirgi ya sa na rasa bikin ƙanwata: yaya zan rubuta takardar neman diyya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tikiti guda daga Frankfurt zuwa garin da za a yi bikin ƙanwata, da canjin jirgi a wata ƙasa da ba ta cikin Tarayyar Turai. Ranar Alhamis ƙarfe 13:30 ya kamata mu tashi, ba mu tashi ba sai 19:10, wai jirgin ya samu matsalar na'ura. Jirgi na biyu ya tafi ya bar ni, na kwana a otal da kuɗina, aka saka ni a jirgin washegari. Maimakon in sauka Juma'a ƙarfe 06:15, sai Asabar ƙarfe 05:40 na sauka, an riga an gama komai. Tafiyar ta haura kilomita 5,000. Me zan rubuta musu, kuma nawa zan iya nema? Raina ya ɓaci ƙwarai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki haƙuri, ya sanya albarka a auren. Rashin halartar bikin ƙanwa ba ƙaramin abu ba ne, kuma babu kuɗin da zai dawo miki da wannan ranar. Amma kina da haƙƙi a hannun kamfanin, kuma yadda kika tsara takardar shi zai sa a biya ki ko a sallame ki da ban haƙuri.

Ga abin da ya kamata ki riƙe tun farko. Ma'aikacin da zai buɗe takardarki ba shi da ikon biyan kuɗi saboda ɓacin rai, kome tausayinsa. Abin da yake da ikon biya shi ne abin da doka ta ɗora wa kamfaninsa, a kan lambar jirgi, da lokaci, da rasit. Idan kika cika shafi biyu da labarin yadda kika yi kuka a filin jirgi, sannan kika rufe da "ina neman a biya ni diyyar da ta dace", kin ba shi dama ya ɗauki takardar a matsayin ƙorafin rashin jin daɗi. Irin wannan ƙorafin amsarsa sananniya ce: kalaman ban haƙuri, wataƙila da ɗan rangwamen tikiti. Idan kuwa kika ce ga jirgin, ga lokacin da aka yi alkawari, ga lokacin da na sauka, ga sashen doka, ga adadin kuɗin, to dole ko dai ya biya ko ya kawo hujjar ƙin biya. Bikin yana da gurbinsa a takardar, amma jimla biyu ko uku sun ishe shi, kuma zan nuna miki inda yake da amfani.

Dokar da za ki tsaya a kanta

Tunda daga Jamus kika tashi, dokar Tarayyar Turai mai lamba EC 261/2004 ta shafi tafiyarki. Wannan doka tana aiki a kan kowane jirgi da ya tashi daga filin jirgin wata ƙasa ta Tarayyar, ko kamfanin na wace ƙasa ne. Ga jirgin da ya taso daga waje zuwa cikin Tarayyar kuwa, sai kamfanin ya kasance na Turai. Wannan bambanci yana rikita mutane da yawa: tafiya ɗaya, kamfani ɗaya, amma zuwa yana ƙarƙashin dokar, dawowa ba ya ciki.

Canjin jirgin da kika yi a wajen Turai bai fitar da ke daga dokar ba, matuƙar tikitin a haɗe aka saye shi, da lambar ajiyar kujera guda. Kotun Tarayyar Turai ta yanke haka a shari'ar Wegener a 2018: tafiyar da aka saya a dunƙule ana ɗaukarta tafiya ɗaya ce daga inda aka fara zuwa inda aka nufa. Tun kafin nan, a shari'ar Folkerts ta 2013, kotun ta ce jinkirin da ake lissafawa shi ne na isa wurin ƙarshe. Saboda haka awa 5 da minti 40 da kuka ɓata a Frankfurt ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne tazarar da ke tsakanin 06:15 na Juma'a da 05:40 na Asabar, wato awa 23 da minti 25. Lokacin isa kuma ba lokacin da tayar jirgi ta taɓa ƙasa ba ne. Kotun ta fayyace a 2014 cewa lokacin da aka buɗe aƙalla ƙofa ɗaya don fasinjoji su fita ne. A wurinki mintunan nan ba za su sauya kome ba, amma ga wanda jinkirinsa ke kan gaɓar awa 3, a nan magana take.

Da tikiti biyu daban kika saya, ɗaya daga Frankfurt zuwa wurin canji, ɗaya daga can zuwa gaba, da lissafin ya sauya gaba ɗaya. Kamfanin farko zai amsa laifin jinkirin zangonsa kawai, na biyu kuma zai ce ke ce ba ki zo ba. Don haka ki duba takardar tabbatar da tikitinki: idan lambar nan mai harufa da lambobi shida da ake rubuta wa PNR iri ɗaya ce a zangunan biyu, kin tsira daga wannan.

Abubuwa uku ne, kada ki cakuɗa su

Na farko shi ne diyyar da doka ta yanke adadinta. Tun shari'ar Sturgeon ta 2009, fasinjan da ya isa da jinkirin awa 3 ko fiye yana da haƙƙin diyya irin ta wanda aka soke jirginsa. Sashe na 7 na dokar Turai ya raba ta bisa nisa: Yuro 250 ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, Yuro 400 ga wadda ke tsakanin 1,500 da 3,500, da Yuro 600 ga wadda ta haura 3,500 zuwa wajen Tarayyar. Ana auna nisan ne a miƙe daga filin farko zuwa na ƙarshe, ba a tara zangon farko da na biyu. Ke dai kina kan Yuro 600. Akwai damar da kamfani ke da ita ta rage rabi a doguwar tafiya idan jinkirin bai kai awa 4 ba, amma naki ya wuce nan nesa. Kyawun wannan diyya shi ne ba sai kin nuna kin yi asarar kome ba, kuma ba ruwanta da tsadar tikitinki ko arharsa.

Na biyu shi ne kuɗin da kika kashe saboda an bar ki a hanya. Sashe na 9 ya wajabta wa kamfani ya ciyar da fasinja daidai da tsawon jiran, ya ba shi otal idan kwana ya kama, ya kai shi otal ɗin ya dawo da shi. Idan bai yi ba, fasinja ya yi da kuɗinsa, ana mayar masa da abin da ya kashe gwargwadon hankali. Otal na matsakaici kusa da filin jirgi, abinci, motar zuwa da dawowa, duk suna shiga. Ɗakin alfarma da sayayyar da ba ta zama dole ba ba sa shiga. Wannan haƙƙi ba ya faɗuwa ko da jinkirin ba laifin kamfanin ba ne. An tabbatar da haka a shari'ar McDonagh ta 2013, wadda ta samo asali daga tokar aman wutar dutsen ƙasar Iceland da ta rufe sararin samaniyar Turai a 2010. Tunda kwanan naki a wajen Turai ya faru, ki jingina wannan buƙata a kan Sashe na 9 da kuma yarjejeniyar da zan ambata yanzu, don kada su samu kafar cewa can ba hurumin dokar Turai ba ne.

Na uku shi ne asarar kuɗi da jinkirin ya jawo miki a can inda kika nufa, kuma a nan ne Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ke shigowa. Ita ce ke tafiyar da alhakin kamfanonin jiragen sama a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa tsakanin ƙasashen da suka sa hannu, kuma mafi yawan ƙasashen duniya suna ciki. Sashe na 19 ya ce kamfani ne ke ɗaukar asarar da jinkiri ya haifar, sai in ya tabbatar ya ɗauki duk matakan da suka kamata ko kuma ɗaukarsu ba ta yiwuwa. Akwai iyakar abin da za a biya, wadda ake lissafawa da ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR. Daga 28 ga Disamba 2024 iyakar ta zama SDR 6,303 ga kowane fasinja. Kada wannan adadi ya ruɗe ki. Rufi ne, ba kyauta ba ce. Abin da kika tabbatar da rasit shi kaɗai ake biya: daren otal da kika riga kika biya a garin bikin ba ki kwana ba kuma aka ƙi mayar miki, tikitin mota ko jirgin ƙasa da ya ƙone, ranar aiki da aka yanke miki albashinta idan kina da takarda daga wurin aiki. Kayan da kika ɗinka ko kyautar da kika saya da wuya su shiga, domin za a ce suna nan a hannunki.

Akwai wani ƙulli a nan da ya kamata ki sani tun kafin su faɗa miki. Sashe na 12 na dokar Turai ya bar ƙofar neman ƙarin diyya a buɗe, amma ya yarda a cire Yuro 600 ɗin daga cikin ƙarin. Ma'ana, idan asararki ta can Yuro 145 ce, kamfani na iya cewa ai 600 ta haɗiye ta. Ki saka ta a takardar duk da haka, domin babu abin da za ki rasa, amma kada ki bari gardama a kanta ta riƙe miki sauran kuɗin. Kuɗin otal da abinci na hanya kuwa daban suke, ki dage a kan a biya su a kan 600 ɗin.

To shi bikin fa?

Nan ne mutane suka fi jin zafi, kuma gara in faɗa miki gaskiya. Diyyar baƙin cikin rasa biki abu ne mai wuyar samu. Sashe na 29 na Yarjejeniyar Montreal ya hana diyyar ladabtarwa, wato kuɗin da ake ci wa kamfani don a hukunta shi. Game da raɗaɗin zuciya kuwa, kotunan ƙasashe sun sha bamban: wasu ba sa sauraronsa sam idan babu rauni a jiki, wasu a Turai sukan duba shi. Ko a inda ake dubawa, alƙali ne ke yankewa, ba ma'aikacin sashen ƙorafi ba. Idan kika rubuta cewa kina neman Yuro 10,000 saboda abin da aka yi wa zuciyarki, za a ƙi, kuma ƙin zai iya shafar yadda za a kalli sauran buƙatunki.

Amfanin ambaton bikin biyu ne. Yana bayyana dalilin da ya sa abubuwan da kika biya a can suka zama asara, tunda ranar da aka biya su dominta ta wuce. Yana kuma ba ki hujjar neman wani abu na kyautatawa a kan abin da doka ta wajabta, kamar rangwamen tikiti ko mayar da wani ɓangare na kuɗinsa. Wannan roƙo ne, kamfani na iya yi ko ya ƙi, don haka ki sa shi a ƙarshe kuma ki rubuta ƙarara cewa ƙari ne, ba madadin diyyar ba.

Wuri ɗaya ne dokar Turai ta kula da maƙasudin tafiya kai tsaye, sai dai ya riga ya wuce ki, amma sanin sa zai amfane ki gaba. Idan jinkirin tashi ya kai awa 5, fasinja na da damar fasa tafiyar a mayar masa da kuɗin tikitinsa cikin kwana 7. Sashe na 8 ya ƙara da cewa idan tafiyar ta daina yin amfanin da aka shirya ta dominsa, ana mayar da kuɗin har na zangon da aka riga aka yi, a kuma dawo da mutum inda ya fara. Da a Frankfurt kika lissafa kika ga ba za ki samu bikin ba, da kin iya cewa kin fasa. Tunda kin ci gaba har kin isa, kamfani zai ce ya kai ki inda ya yi alkawari, kuma neman cikakken kuɗin tikiti yanzu ba shi da ƙarfi. Idan babu wanda ya sanar da ku wannan zaɓi a lokacin, ki faɗi haka a takardar, domin Sashe na 14 ya wajabta musu ba fasinjoji bayanin haƙƙoƙinsu a rubuce idan jinkiri ya kai awa 2.

Kafin ki fara rubutu

Ki tara katunan shiga jirgi, har da na jirgin da ya tafi ya bar ki da sabon da aka ba ki. Ki nemo imel ɗin tabbatar da tikiti mai ɗauke da PNR da lambar tikiti mai lambobi 13. Duk saƙon da kamfanin ya turo miki a ranar, ki ɗauki hotonsa, musamman idan a ciki aka ambaci matsalar na'ura, domin abin da aka faɗa da baki a bakin ƙofar shiga jirgi yakan sauya kama idan aka zo amsa takarda. Rasit ya zama mai nuna kwanan wata da abin da aka saya. Saƙon banki na cire kuɗi shi kaɗai yakan gaza, saboda ba ya nuna me aka saya. Ki haɗa da katin gayyata ko wata shaida mai ɗauke da ranar bikin. Kwafi za ki aika, asali ya zauna a wurinki.

Takardar kuma kamfanin da ya tuƙa jirgin da ya makara za ki aika wa, ba dillalin da ya sayar miki da tikiti ba. Wani lokaci sunan da ke kan tikiti daban, wanda ya ɗauke ki daban. A takardar tikitin akwai layin da ke nuna wane kamfani ne ke gudanar da jirgin. Yawancin kamfanoni suna da fom na ƙorafi a shafinsu. Ki yi amfani da shi, ki liƙa takardar a ciki, ki adana lambar ƙorafin da za a ba ki da hoton shafin bayan kin aika. Kiran waya ba ya barin shaida.

Ga yadda takardar za ta kasance

Na sa Yuro 118 na otal, 41 na abinci, 36 na mota, da 90 da 55 na asarar can a matsayin misali. Ki sauya su da abin da ke kan rasit ɗinki. Za ki fassara ta zuwa harshen da kamfanin ke karɓar ƙorafi da shi, amma tsarin kada ya sauya.

Zuwa ga Sashen Kula da Ƙorafin Fasinjoji

Batu: Neman diyya a ƙarƙashin EC 261/2004, jirgi mai lamba [lambar jirgi], ranar [kwanan wata], PNR [lamba]

Ni fasinja ce a tafiyar da ke sama, daga Frankfurt zuwa [garin ƙarshe] ta [garin canji], a kan tikiti guda mai lamba [lambar tikiti]. An tsara jirgin farko zai tashi ƙarfe 13:30, ya tashi ƙarfe 19:10. Ma'aikatanku sun sanar da mu cewa matsalar na'ura ce. Saboda haka na rasa jirgi na biyu, kuka mayar da ni jirgin washegari. An tsara in isa ranar Juma'a ƙarfe 06:15, na isa ranar Asabar ƙarfe 05:40, jinkirin awa 23 da minti 25.

Na yi wannan tafiya ne don halartar bikin auren ƙanwata, wanda aka yi ranar Juma'ar, kuma jinkirin ya sa ban halarta ba. Na haɗa da katin gayyata.

Ina neman a biya ni kamar haka. Na ɗaya, Yuro 600 a ƙarƙashin Sashe na 7, kasancewar nisan tafiyar ya haura kilomita 3,500. Na biyu, Yuro 195 da na kashe a [garin canji] saboda ba a ba ni masauki ko abinci ba: otal 118, abinci 41, mota 36, a ƙarƙashin Sashe na 9 na EC 261/2004 da kuma Sashe na 19 na Yarjejeniyar Montreal. Na uku, Yuro 145 na asarar da jinkirin ya jawo: daren otal da na riga na biya 90, tikitin mota 55, a ƙarƙashin Sashe na 19 na Yarjejeniyar Montreal. Jimla Yuro 940. Kwafin rasit duka yana haɗe.

Ina so a biya ta asusun banki mai lamba [IBAN] cikin kwana 14 daga ranar wannan takarda. Ban amince da takardar rangwamen tikiti a madadin kuɗi ba. Idan kuna ganin ba ku da alhakin biya, ina neman ku bayyana ainihin dalilin jinkirin a rubuce, da lambar dalilin da aka shigar wa jirgin, da matakan da kuka ɗauka don kai ni da wuri, har da neman kujera a jirgin wani kamfani. Idan ban samu gamsasshiyar amsa ba, zan kai batun gaban hukumar sasanci ko kotu.

Ban da abin da doka ta wajabta, ina fata za ku duba girman abin da na rasa ku yi wani abu na kyautatawa.

[Suna, adireshi, kwanan wata]

Ki lura duka ba ta wuce shafi ɗaya ba, babu zagi, babu barazanar tona asiri a kafafen sada zumunta. Kwana 14 ɗin ba doka ce ta yanke shi ba, wa'adi ne da ke kika ɗiba, amma yana da amfani domin yana kafa ranar da za a ce kamfani ya yi jinkirin biya. Maganar ƙin rangwamen tikiti kuwa tana da tushe: Sashe na 7 ya ce kuɗi ake biya, sai in fasinja ya amince da wani abu daban ya sa hannu. Ki yi hattara da imel mai maɓallin da za a ce ki danna don karɓar kyautar ban haƙuri. Ki karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, domin wani lokaci dannawar na nufin kin yarda an rufe magana.

Amsar da za ki iya samu

Mafi yawan ƙin biya da kalmomi biyu yake zuwa: extraordinary circumstances, wato wani yanayi na musamman da ya fi ƙarfin kamfani. Doka ta yarda da wannan kariya, amma nauyin kawo hujja a wuyan kamfani yake, ba a wuyanki ba. Mummunan yanayin sama, rufe sararin samaniya, umarnin masu kula da zirga-zirgar jirage, barazanar tsaro, da karo da tsuntsu, duk an karɓe su a matsayin abin da ya fi ƙarfin kamfani. Lalacewar na'ura ta yau da kullum ba ta ciki. Kotun Turai ta faɗi haka a shari'ar Wallentin-Hermann a 2008, ta kuma nanata a shari'ar van der Lans a 2015, inda ta ce ko da wani sashe na jirgi ya lalace ba zato kafin lokacinsa, wannan ɓangare ne na harkar tafiyar da jirage. Abin da aka keɓe shi ne irin aibin ƙira da kamfanin da ya ƙera jirgin ko hukuma ta sanar, ko ɓarnar da aka yi da gangan. Idan suka ce sun tsayar da jirgin ne don kare lafiyar fasinjoji, gaskiya ne, kuma daidai suka yi, amma hakan bai ɗauke musu biyan diyya ba.

Dalilin da ya sa na sa ki nemi lambar dalilin jinkiri shi ne, kamfanoni suna shigar wa kowane jinkiri lamba daga jerin da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta tsara. Lamba 41 na nufin lahani a jikin jirgi, lambobi daga 71 zuwa 77 na yanayin sama ne, 93 kuma na nufin jirgin ya makara ne daga tafiyarsa ta baya. Ba lallai su ba ki ba, amma tambayar kaɗai tana nuna musu kin san inda bayanin yake. Idan a filin jirgi an ce na'ura, a takarda kuma aka ce hazo, ki nemi su daidaita maganganun biyu, ki kuma ambata idan kin ga wasu jiragen suna tashi a lokacin da kuke zaune.

Ko da sun tabbatar abin ya fi ƙarfinsu, saura mataki ɗaya. A wani hukunci na 2020, kotun ta ce kamfanin da ya mayar da fasinja jirgin washegari sai ya nuna babu wata kujera da za ta kai shi da wuri, ko a jirginsa ko a na wani kamfani, kai tsaye ko ta wata hanya. Wannan ya shafe ki sosai. Idan akwai jirgin wani kamfani da ya tashi daga garin canjin da safiyar Juma'a wanda da ya kai ki kafin a watse, ki rubuta lambarsa da lokacinsa a takardarki ta biyu.

Wataƙila kuma su ce ai da kin taho da kwana biyu kafin biki. Wannan magana ba ta taɓa Yuro 600 ko kuɗin otal ɗin hanya ba ko kaɗan. Inda za su iya gwada ta shi ne a kan asarar can, kuma amsarki ita ce kin sayi tafiyar da su da kansu suka tsara suka sayar, da tazarar canjin da su suka ga ta isa.

Idan wata biyu suka wuce babu amsa, ko aka ƙi ba tare da hujja ba, ki kai batun hukumar sasanci ta fasinjoji a Jamus, ƙasar da jirgin ya tashi. Shigar da ƙorafi a can kyauta ne ga fasinja, kuma za su nemi shaidar cewa kin fara tuntuɓar kamfanin, shi ya sa lambar ƙorafin da hoton shafin suke da muhimmanci. Akwai kuma kamfanonin da ke karɓo wa mutane diyya su cire kasonsu, wanda yakan kai kwata ko sulusin kuɗin. Ga batu mai ƙarfi irin naki, ki fara gwadawa da kanki, ki ajiye su sai in abin ya kai ga kotu kuma ba ki son wahalarta. Kada ki ba su batun alhali ƙorafinki na kan hanya ba tare da kin sanar da kowane ɓangare ba, domin buƙata biyu a kan kujera ɗaya takan sa kamfani ya dakatar da duka.

Sai wa'adi. Ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal, shekara 2 ce daga ranar isa, kuma ƙara a kotu ake nufi. Musayar takardu da kamfani ba ta tsayar da wannan agogon. Ga Yuro 600 kuwa, dokar ƙasar da za a kai ƙara ce ke yanke wa'adi, kuma a Jamus shekara 3 ce, ana fara ƙirgawa daga ƙarshen shekarar da aka yi tafiyar. Idan kina da inshorar tafiya, ko katin bankin da kika sayi tikitin da shi yana ɗauke da ita, ki duba takardunta a wannan makon, domin wa'adin sanar da masu inshora yakan fi waɗannan gajarta sosai, kuma za su nemi takardar shaidar jinkiri daga kamfanin jirgin, wadda za ki iya roƙa a cikin wannan takardar da za ki aika.